Kada ka fara da yadda aka yi binciken

A wata tattaunawa kan yadda ake rubuta wa jama'a muƙala game da binciken kimiyya, shawarar da mahalarta suka fi nanatawa ita ce a juya tsarin muƙalar. Sakamako ya zo a jimlar farko, hanyoyin bincike su koma baya, in ma akwai buƙatarsu.

An daɗe a kan alƙaluma. A ce muƙala ta ce magani ya rage haɗarin wata cuta da kashi 50 cikin 100. Mai karatu zai ɗauka rabin jama'a aka ceto. Alhali wataƙila mutum 2 cikin 1,000 ne ke kamuwa, suka koma 1. Haka za ka rubuta, da mutanen da za a iya ƙirgawa.

Wata ta ƙara da cewa idan a kan ɓeraye aka yi gwajin, a faɗa tun a kanun rubutun.