"Sabon wake, buhu 30": me kuke rubutawa idan za ku tallata amfanin gona?

Manomin Gezawa: Assalamu alaikum jama'a. Bara a watan Fabrairu na sa tallan wakena, abin da na rubuta kawai shi ne "Farin wake sabo, buhu 30, mai kyau." Wani ɗan kasuwa daga Ibadan ya kira, muka daidaita a waya, ya turo rabin kuɗi, na loda masa. Da kaya suka sauka sai ga kira. Wai ya ɗora buhu biyar a sikeli kowanne kilo 92 zuwa 93, shi kuwa ɗari ya sa a ransa. Wai manyan ƙwaya yake nema irin Kanannado, na turo masa ƙanana. Kuma wai akwai ƙwari. A ƙarshe ya zaftare mini kuɗin buhu huɗu. Ni dai ban yi ƙarya ba, har ga Allah. Bana ina da kaya kuma. Waɗanda suka saba sayar wa na nesa, yaya kuke rubuta naku?

Dillalin Dawanau: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka faɗi komai ba. Tiya nawa ka zuba a kowane buhu?

Manomin Gezawa: Talatin da bakwai, Alhaji. Haka muke ɗinkewa a garinmu, don bakin buhun ya kamu da kyau.

Dillalin Dawanau: To ga kuɗinka nan inda ya tafi. A nan in an ce buhu, tiya 40 ake nufi, tiya kuma wajen kilo biyu da rabi ce, shi ya sa kowa ke cewa buhu kilo ɗari. Naka 37 ne, lissafa ka gani, 92 da rabi. Mutumin bai zalunce ka a awo ba. Kuma ita kanta tiyar, ta wannan kasuwa ba ta waccan ba ce, wani ya yi tozo wani ya shafe. Ni na daina rubuta "buhu" shi kaɗai tun da aka taɓa mayar mini da mota guda ta dawa. Ɗora biyar a sikeli, ka rubuta mafi ƙarancin da ka gani.

Maganar "sabo" ta ma fi damuna. Yaushe ka roro waken?

Manomin Gezawa: Ƙarshen Oktoba muka roro, muka sussuka farkon Nuwamba.

Dillalin Dawanau: Wata huɗu ke nan kana ce masa sabo. Na kakar shekarar ne, gaskiya, amma ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Daga ƙwai zuwa wanda zai huda ya fito ya sake yin nasa ƙwan, kamar wata guda ne in akwai ɗumi. Wanda ya ga "roron Oktoba" a talla a watan Fabrairu ya san abin da zai tambaya: a me ka ajiye? Wanda ya ga "sabo" kuwa zai ɗauka jiya aka sussuka. Kafin ka rubuta komai, ɗebi hannu guda daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, ka baza a faranti cikin rana. Ɗan farin ɗigo manne a jikin ƙwaya ƙwai ne. Ƙaramin rami zagayayye kuma, ƙwaron ya riga ya fita. Ƙirga ƙwaya ɗari ka ga nawa ke da huda, ka rubuta adadin. Mai saye ya fi yarda da "uku cikin ɗari" a kan "babu ƙwari sam."

Matashin Bichi: Ni a ganina duk wannan ba dole ba ne in ka sa a buhun PICS. Iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu, ko wata takwas ya yi kamar jiya aka zuba. Rubuta PICS kawai ya wadatar.

Hajiyar Hatsi: Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Buhun yana aiki, ledoji biyu ne a ciki da na saƙa a waje, ni ma da shi nake ajiya. Amma yana aiki ne muddin bai huje ba. Na taɓa tura buhu ashirin Onitsha a cikinsa, a wurin lodi wani yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana soka ƙarfen nan na duba kaya. Ban sani ba sai bayan wata biyu, da mai kayan ya kira yana faɗa, ya jibge su a shago yana ganin a rufe suke. Yanzu juyewa nake yi cikin buhun gama-gari ranar lodi, in rubuta ranar da na buɗe, in riƙe PICS ɗina don baɗi. Kuma in wake bai bushe ba ka ɗaure shi a leda, fumfuna za ka tarar.

Mai Shago a Sabon Gari: Don Allah nawa buhun farin wake yau? Ina son biyu.

Hajiyar Hatsi: Ba ciniki ake a nan ba ɗan'uwa, kira dillalinka.

Ɗan Galmi: Gaisuwa daga Nijar. Mu albasa muke turawa Gana, kuma a wurinmu ranar cira ta fi komai. Albasar rani da aka cire a Maris, aka bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe, tana jure hanya. Wadda aka cire shekaranjiya wuya ɗanye, ka cusa a buhu, kafin Kumasi ta fara ruwa daga tsakiyar kamyo, ɗaya ta ruɓe ta ja goma. Don haka rana biyu nake rubutawa, ta cira da ta zubawa a buhu. Ina kuma faɗin ko buhun algarara ne ko na raga, da hula, wato ƙarin da ake tulawa a saman buhu, ko babu, saboda mai hula ya fi nauyi nesa. Sai dai albasa tana ragewa a hanya, ko ka auna daidai ba haka za ta sauka ba. Har yau ba mu gama rigimar wa zai ɗauki wannan ragin ba.

Matashin Bichi: To amma Alhaji, in na rubuta Oktoba ai karya mini farashi za su yi. Na kusa da ni ya rubuta "sabo" ya riga ni sayarwa.

Dillalin Dawanau: Zai riga ka, ban musa ba. Sai dai wanda ya karya maka a waya kana da ikon cewa a'a, kayanka na ɗakinka. Wanda ya karya bayan mota ta sauka Ibadan, rabin kuɗinka na hannunsa, sai yadda ya yi da kai. Tambayi mai wannan zancen.

Manomin Gezawa: Wallahi kuwa. Ga abin da na shirya bana, ku duba mini: "Farin wake ƙananan ƙwaya, Ɗan Ila. Buhu 24, kowanne tiya 40, kilo 99 zuwa 101 a sikeli. Roron ƙarshen Oktoba, an sheƙe an tsince. Yana cikin PICS tun 10 ga Nuwamba, za a juye a sabon buhu ranar lodi. Huda biyu cikin ƙwaya ɗari. Ɗauka a Gezawa, lodi a kaina, kuɗin mota na mai saye."

Hajiyar Hatsi: Ya yi. Ƙara "ba a sa magani ba", in dai ba ka sa ba. Tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda maganin ƙwari, har masu saye na gida sun koyi tambaya.

Matashin Bichi: Wanda ya sa fa, Hajiya? Ya rubuta ya kori masu saye?

Hajiyar Hatsi: Ya rubuta sunan maganin da ranar da ya sa. Abinci ne, yara za su ci.

Dillalin Dawanau: Haka ya kamata, amma shekarata ashirin a kasuwa ban taɓa ganin wanda ya rubuta ba. Malam, hoton sikelin da buhu a kai, haɗa shi da tallan.