Lissafin hannun jarin kashi 30 ya ƙi daidaita

Jama'a, ina neman agajinku kan littafin wani kamfani da nake dubawa a nan Zariya. Ya sayi kashi 30 cikin ɗari na wata masana'antar man gyaɗa kan naira miliyan 40, kuma yana da kujera a hukumar daraktocinta, don haka muna bin tsarin IAS 28, ƙa'idar lissafin irin wannan hannun jari.

Masana'antar ta ci ribar miliyan 10 bayan haraji, rabonmu miliyan 3, na ƙara kan jarin. Ta raba miliyan 4, muka karɓi miliyan 1.2, na cire daga jarin, saura miliyan 41.8.

Sai dai ta sayar mana da mai da ribar miliyan 2, rabinsa na nan a sito ba a sayar ba. Naira 300,000 da zan soke, wato rabonmu na ribar man da ba a sayar ba, daga jarin zan rage ko daga kuɗin hajar da ke sito?