Wasannin waya marasa cin data: abin da aka tsayar

Na bi maganganun 'yan uwa na nan Maradi kan wasannin waya da ba sa cin data tun daga farko, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da gwaji. Bayan ka sauke wasa, ka kashe data da wifi, ka buɗe shi. In ya tsaya yana neman intanet, ka goge shi nan take.

2. Waya mai 8 GB ko 16 GB, tsarinta ya riga ya cinye rabo babba. Shi ya sa aka fi ambaton ludo, sudoku, 2048 da wasan karta, don yawancinsu ƙanana ne. Wani ya ja hankali cewa girman da Play Store ke nunawa na saukewa ne, wasan kan ƙara kumbura bayan an girka shi. A duba ainihin girmansa a Settings, ƙarƙashin Apps. Wannan shawarar ta fi burge ni.

3. An rabu kan tura wasa ta Xender. Wasu sun ce tana ceton kuɗin data, wasu na tsoron fayil mai cutar da waya. Ni dai ban karɓa sai daga hannun wanda na sani.

4. Talla kan sha data a ɓoye, don haka a kashe datar kafin a fara wasa.