Ciwon baya da ƙafa ke mutuwa: a jira ko a tafi asibiti?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum jama'a. Maƙwabcinmu, mai kimanin shekara 45, ya ɗaga buhun masara shekaranjiya, bayansa ya riƙe. Da farko ƙafar dama ce kawai ciwon ke sauka, yau kuma duka biyun. Ya ce da ya yi tsarki da asuba bai ji ruwan a jikinsa ba. Wa ya san mai ɗori ko mai ƙaho na kirki a nan Gombe?

Goggon Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ai ƙoda ce ko sanyi. A ba shi ruwa ya sha da yawa.

Malama Nas: Goggo, ki gafarce ni, ba ƙoda ba ce. Ɗan Bolari, maganar tsarkin nan ita ta tayar mini da hankali. A bar batun ɗori da ƙaho. Je ka tambaye shi yanzu: yaushe rabonsa da fitsari, yana jin mararsa ta cika, kuma yana jin fitar fitsarin ko sai dai ya ga wando a jiƙe? Sannan ya shafa da kansa, matsematsi, tsakanin cinyoyi da kewayen dubura, wato duk inda ke taɓa kujerar babur idan mutum ya hau. Ya gwada da yadda yake jin taɓi a cikinsa.

Mai Kemis: Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin mako 4 zuwa 6 da maganin ciwo da ɗan motsa jiki. A fara yin hoton ƙashi tukuna, in ba karaya a ba shi magani.

Likita: Malam Mai Kemis, maganarka ta farko haka take, amma ga ciwon da ya tsaya a baya ko ƙafa ɗaya. Wannan daban ne. Lakar baya tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na ɗaya zuwa na biyu. Daga nan sai jijiyoyi su sauka a dunƙule kamar wutsiyar doki, kuma su ke kula da ƙafafu, mafitsara, dubura da al'aura. Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai faifai mai laushi. Idan ya fashe sosai, galibi a wurin da takardar hoto ke rubuta L4/L5 ko L5/S1, sai ya danne dunƙulen gaba ɗaya. Shi ya sa ciwon ya ƙetara ƙafa ta biyu, shi ya sa bai ji ruwa ba. Hoton ƙashi ba ya nuna faifai ko jijiya, zai iya fitowa lafiya lau alhali jijiyar na mutuwa. Hoton MRI ake nema, wanda ke nuna faifai da jijiyoyi, kuma yau.

Ɗan Bolari: Na dawo. Rabonsa da fitsarin kirki tun daren jiya, sai ɗan ɗigo. Amma ya ce ciwon ya ragu, har ya ji daɗi. Silifas ɗinsa na hagu kuma sai zamewa yake.

Likita: Raguwar ciwon kada ta ruɗe ku, jijiyar da ta sha matsi takan daina kai saƙo. Silifas na zamewa ne don ba ya iya ɗaga tafin ƙafa sama. A ce ya taka a kan dunduniya, za ku ga ta hagun ta faɗi. Ɗigon nan kuma ambaliya ce: mafitsara kan ɗauki kamar mililita 400 zuwa 500 kafin mutum ya matsu, tasa ta cika ta wuce haka bai sani ba. Ku kai shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya, kada ku bi layin masu ganin likita. Da kun isa ku fara da cewa ba ya jin matsematsinsa kuma fitsari ya tsaya. In kuka ce ciwon baya kawai, za ku daɗe a benci.

Malama Nas: A kwantar da shi a mota, ban da babur. Ku rubuta lokacin da kowace alama ta fara da magungunan da ya sha. Kada a cika shi da ruwa ko tuwo, don ana iya shiga tiyata. Za a sa masa robar fitsari a auna abin da ya taru, likita kuma zai duba dubura da yatsa. Ku gaya masa tun a gida don kada kunya ta sa ya ƙi.

Mai Kemis: Na ji ana cewa akwai awa 48 da za a iya yin tiyatar a cikinsu. Ke nan zuwa gobe ba laifi, a haɗa kuɗi?

Likita: Wasu likitocin na cewa 48, wasu 24, kuma ana lissafi ne daga fara alamar, ba daga isa asibiti ba. Nasa ya riga ya ci da yawa. Wanda aka yi wa aiki yana iya riƙe fitsarinsa ya fi samun sauƙi a kan wanda mafitsara ta riga ta saki. Ko bayan aiki, wani sai ya yi watanni kafin ji ya dawo, wani ba ya dawowa duka.

Goggon Tudun Wada: To wanda bai ɗaga komai ba fa, Likita? Tsoho, baya na hana shi barci, ga rama.

Likita: Goggo, idan akwai zazzaɓi ko zufar dare, a binciki tarin fuka na ƙashin baya. Dattijo mai wahalar fitsari kuma a duba ko dajin ƙwayar mafitsarar maza ne ya kai ƙashi. A gan shi cikin kwanakin nan, amma da zarar ƙafa ta yi rauni ya zama na ranar.

Ɗan Bolari: An samu mota, mun kama hanya. Idan aka ce hoton sai gobe, mu jira ko mu nemi wani wuri?

Malama Nas: Ku roƙi likitan ya rubuta gaggawa a takardar, ya kuma faɗa muku inda za a samu yau, ko da Bauchi ne. A sa robar fitsarin kafin ku tashi.