Neman kalma: bakan gini mai tsini da gilashin manyan majami'un Faransa

Hadiza: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shiri kan manyan majami'un Faransa na ƙarni na 12 da na 13, albarkacin sake buɗe Notre-Dame ta Paris a Disambar 2024 bayan gobarar 2019. Rubutun da aka ba ni na Turanci ne, kuma kalmomi biyu sun gagare ni: `pointed arch` da `stained glass`. Na ɗan sa "ƙofa mai tsini" da "gilashi mai kala", amma kunnena bai yarda ba. Mai sauraro ba hoto yake gani ba, dole kalmar ta nuna masa abin. A taimaka kafin daren Laraba.

Ɗan Magina: Wa alaikumus salam, Malama. Cire ƙofa, domin abin ba a ƙofa kaɗai yake ba, yana kan taga, yana cikin rufi. Mu a Zariya bakan gizo muke cewa tun kakanni. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina ya ga irinsa. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi kuma, ɗaurin guga ne. Ki ce bakan gizo mai tsini, shi ke nan.

Hadiza: Baba, na gode. Tsorona ɗaya: in na ce bakan gizo a shirin da ake maganar launuka, rabin masu sauraro za su ɗauka na sama nake nufi, wanda ke fitowa bayan ruwa.

Yakubu: Tsoronki yana kan hanya. Ni zan ce "bakan gini mai tsini" a karon farko, daga nan "baka mai tsini". Amma tsinin ba ado ba ne, kuma in ba ki faɗi aikinsa ba kalmar ba za ta zauna ba. Bakan da ya yi rabin da'ira, tsayinsa kullum rabin faɗinsa ne, ba yadda magini zai yi da shi. A ce kina son rufe fili mai mita 12 a faɗi, mita 6 a ɗaya gefen. Bakan da ya ƙetare faɗin zai tashi mita 6. Na gajeren gefen zai tashi mita 3 kacal. Wanda ya bi daga kusurwa zuwa kusurwa, tsawonsa ya ɗan haura mita 13, zai tashi kusan mita 7. Kin ga bakuna uku a rufi ɗaya, kowanne da tsayinsa, kuma mafi gajarta shi ne wanda ke jikin bango, daidai inda taga za ta zauna. Baka mai tsini kuwa yanki biyu ne na da'ira da suka jingina da juna a sama. Magini zai iya ƙara masa tsini ko ya rage, har dukkansu su kai tsayi ɗaya. Da na jikin bango ya miƙe, sai taga ta samu inda za ta yi tsawo.

Abba: Ni sana'ata ke nan, ina haɗa tagogin alminiyam a Kano. `Stained glass` ɗin ai tintet ne, wanda ake sa wa mota da ofis don kada a ga na ciki. Akwai shuɗi, akwai ruwan ƙasa. Kowa ya san shi da haka.

Ladi: A'a Abba, ba shi ba ne. Wannan hoto ne ake yi da gutsattsarin gilashi, ana ganinsa daga ciki in rana ta bugo ta baya. Muna da ƙarami a bayan bagadin cocinmu. Daga waje baƙi-ƙirin yake, kamar ba komai. Sannan Malama Hadiza, ki kula: ba kowane babban coci ne katidiral ba, sai wanda kujerar bishop take ciki. Mu dai "babbar majami'a" muke cewa, ko katidiral.

Malam Tanimu: Ina ta karantawa raina yana ɓaci. Gilashi, tintet, katidiral, kala. Wai Hausa ta mutu ne? Muna da ƙarau, kalmar da iyayenmu mata suka sani tun kafin Bature ya zo. Ga shawarata, kuma na daɗe ina amfani da ita a aji: rinƙarau, wato rinannen ƙarau. Na farkon kuma tsinbaka. Gajeru ne, kuma suna karɓar jam'i: rinƙarai, tsinbakuna.

Isufu: Malam, ranka ya daɗe, a nan Damagaram in ka ce rinƙarau sai an tambaye ka ciwon mene ne. Wanda ya yi lakwal kalmar Faransanci zai faɗa, wanda bai yi ba zai ce madubi. Kuma ku 'yan Najeriya kullum sai ku yanke kalma a Kano, ku ce ita ce Hausa, mu kuma mu bi.

Malam Tanimu: Ba maganar Kano ba ce, Malam Isufu. Larabawa da Waswahili sun zauna sun ƙera wa kansu kalmomi, mu kuwa sai mu ɗauki ta Bature mu lanƙwasa mata baki mu ce mun yi fassara. Ɗalibaina ba su taɓa kasa gane rinƙarau ba.

Isufu: Don kai ke ba su maki.

Yakubu: Malam Tanimu, ban ƙi ƙarau ba, rinin ne matsalar, domin zai koya wa mutane abin da ba haka yake ba. Rini ana yi wa abin da an riga an gama shi, a tsoma a tsamo. Wannan kuwa launin a cikin tukunya ake sa shi, tun gilashin yana narke. Yashi kashi ɗaya, tokar itace kashi biyu, a narka, a zuba ma'adini: kobal ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja ko kore gwargwadon yadda aka sarrafa wutar. Jan yakan yi duhu har haske ya kasa ratsa shi, shi ya sa suke yin sa siriri a jikin gilashi marar launi. Bayan an yanka gutsattsarin bisa zane, fuska da ninkin tufa ne kawai ake zanawa da wani baƙin fenti, a mayar wuta ya kama. Sai a ɗaure su da sirarin sandunan dalma masu kwari a gefe biyu, a kafa a jikin ƙarafa a taga. Don haka shuɗin tagogin majami'ar garin Chartres yake nan har yau. Da rini ne a sama da tuni ya koɗe.

Nasiru: Kafin a wuce, a faɗa wa masu sauraro gaskiya: Musulmi ne suka ƙirƙiro bakan nan, Turawa suka sace. Kuma hikimarsa ita ce ba ya tura bango gefe ko kaɗan, nauyin duk ƙasa yake sauka. Shi ya sa suka iya cire bango suka sa taga.

Yakubu: Rabin farko akwai ƙamshin gaskiya. Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879, cike yake da baka mai tsini, fiye da shekara 250 kafin Suger, shugaban gidan ibada na Saint-Denis, ya buɗe sabon sashen cocinsa a 1144, inda aka saba cewa salon ginin waɗannan manyan majami'u ya fara. Ta wace hanya ya isa Faransa, masana ba su gama yarda da juna ba. Amma haɗa shi da haƙarƙarin rufi na dutse, wato bakunan da ke gitta juna suna ɗauke da rufin, da tokare daga waje, aikin maginan arewacin Faransa ne.

Rabi na biyu kuwa kuskure ne, kuma kada ya shiga rediyo. Tsini yana rage turin gefe, ba ya kashe shi. Abin da haƙarƙarin rufin ke yi shi ne tattara nauyi zuwa kan ginshiƙai, maimakon ya bazu a duk tsawon bango. A daidai wuraren nan ake kafa wani rabin baka daga waje, ya ƙetare sama da rufin gefe, ya kai turin kan wani ƙaton ginshiƙi. Bangon da ke tsakani ba ya ɗauke da komai, sai a mayar da shi taga. Da haka rufin Chartres ya kai kusan mita 37, na Amiens da aka fara a 1220 ya haura 42, na Beauvais ya kai 48. A 1284 wani sashen na Beauvais ya rufto. Da suka zo gyara, sai suka ƙara ginshiƙai tsakanin na da, suka raba tazarar biyu. Da turin gefe babu shi, da ba wanda zai kashe kuɗi yana tokare gini daga waje.

Ɗan Magina: To wannan na wajen ai dogari ne. In katanga ta fara kwanciya, ka ga tsagewa ta bi ta, dogari muke kafa mata. Sai dai Yakubu, ɗana, ka faɗa musu namu da azara ake yi a cikin ƙasa, ana turo ta kaɗan-kaɗan har ƙafafun su haɗu. Nasu dutse ne ke danne dutse. Kama ce a ido, aikin daban.

Nasiru: Ni dai ban janye maganar sata ba.

Malam Tanimu: Kun gani? Dogari, ɗaurin guga, duk namu. Amma da na kawo rinƙarau sai a ce ciwo ne. To in rini bai yi ba, a ce launƙarau.

Ladi: Malam, ƙarau a kunnena abin hannu ne. In aka ce tagar ƙarau zan zaci awarwaro aka jera.

Hadiza: Allah ya saka da alheri, lokaci ya ƙure. Ga abin da zan karanta: "Baka mai tsini ya ba magina damar ɗaga rufi, dogarai daga waje suka tare shi, sai bango ya koma dogayen tagogi na gilashi mai launi da aka harhaɗa da dalma." Bakan gizo zan ambace shi sau ɗaya, in ce haka maginanmu ke kiran irinsa. Malam Tanimu, na cire kala na sa launi. Dogari kuma sai na ƙara "na gini", kada a ɗauka na fada ne.

Malam Tanimu: Launi ya fi kala, wannan na yarda. Gilashi kam ban yarda ba, kuma a ajina rinƙarau zai ci gaba.

Isufu: Baka mai tsini ya yi mini. "Gilashi mai launi da aka harhaɗa da dalma" kuwa bayani ne, ba suna ba. In shirin ya wuce a dawo kansa, kuma wannan karon a tambayi na Maraɗi da na Agadas kafin a yanke.

Abba: Malam Yakubu, dalmar nan ita ce irin ta batirin mota? Akwai wanda ya taɓa tambayata ko zan iya yi masa irin tagar a gidansa.