Takardar haraji ta farko: a amsa ta a rubuce, ko a je ofis a yi magana?

Mai Burodi, Jekadafari:
Salamu alaikum. An kawo mini takardar neman biyan haraji daga hukumar jiha, karo na farko tun da na buɗe gidan burodi. Harajina na 2023 da 2024 naira 372,000, harajin albashin ma'aikata tara 216,000, harajin kuɗin haya 120,000, rajistar wurin sana'a 10,000, tarar rashin biya da kuɗin ruwa 182,000. Jimla 900,000. Maƙwabcina ya ce takardar farko ba a amsa ta, barazana ce, in jira ta biyu. Haka ne?

Alhaji Na-Pantami:
Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya san gari. Kuɗin da ke takardar farko kuɗin buɗe ciniki ne, su ma ba su sa ran za ka biya shi. Kuma ka guji rubuta musu komai, don duk abin da ka sa wa hannu shi za a kama ka da shi gobe. Ka shirya ka je ofishin da kanka, ka gaisa da shugaban sashen, ku zauna ku fahimci juna.

Malam Sani Akanta:
Alhaji, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Zuwa ofis abu ne mai kyau, amma ba ya tsayar da kwanaki. Doka ta ba mutum kwana 30 daga ranar da takardar ƙiyasin haraji ta shiga hannunsa ya rubuta cewa bai yarda ba, tare da dalilansa. Haka yake a tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane, haka kuma yake a sababbin dokokin da suka fara aiki a Janairun 2026. In kwanakin suka cika babu takarda, ƙiyasin ya zama tabbatacce, bashi ne a wuyansa ko da lissafin karkatacce ne. Jami'in da kuka sha hira da shi ana iya yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuwa abin da ke cikin fayil kawai zai duba.

Mai Burodi, wace rana aka miƙa maka ita, kuma wa ya sa hannu ya karɓa? Daga nan ake fara ƙirga, ba daga kwanan watan da aka buga a samanta ba.

Mai Burodi, Jekadafari:
Yaron kanti ne ya karɓa ranar Litinin ta makon jiya, ya sa hannu a littafinsu.

Barira Lauya:
To kwanaki sun fara tafiya tun Litinin ɗin. Amma Malam Sani, akwai inda ka tsallake. Takardar ƙiyasi daban, takardar neman biya daban. A tsari, ƙiyasi ake fara aikowa, sai in mutum bai biya ba bai kuma yi ƙorafi ba a biyo shi da neman biya. In wannan ta neman biya ce tsantsa, mai yiwuwa kwana 30 ɗin sun daɗe da wucewa bai sani ba.

Malam Sani Akanta:
Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa abu na biyu da zai duba shi ne ko takardar ta ambaci wata da ta gabace ta, da lamba da kwanan wata. In ta ambata kuma bai taɓa ganinta ba, jimlar farko a amsarsa ita ce: ba a taɓa miƙa mini wancan ƙiyasi ba, a nuna mini shaidar wanda ya karɓa. In ba ta ambaci komai ba, ita kanta ce ta fara sanar da shi adadin, sai ya ɗauke ta a matsayin ƙiyasi ya amsa a cikin kwanakin.

Barira Lauya:
Kan ko takardar neman biya za ta iya tsayawa a matsayin ƙiyasi, lauyoyi kansu ba su gama jayayya ba, ni ma ina da ja. Sai dai kowace fahimta mutum ya bi, amsawa da wuri ba ta rage masa komai.

Ɗan Kumo:
Ni dai na san an cire ƙananan 'yan kasuwa daga haraji a sabuwar doka. Wanda bai kai 800,000 ba babu ruwansa. Ka kai musu wannan kawai su ƙyale ka.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Kumo ka karanta tambayar kuwa? Shekarun 2023 da 2024 ake magana, sabuwar doka ba ta zo ba a lokacin. Kuma gidan burodi mai ma'aikata ka ce ribarsa ba ta kai 800,000 a shekara ba? Haba dai.

Malam Sani Akanta:
Hajiya ta rufe wannan. Mu koma kan takardar, don ba abu ɗaya ba ce. Buƙatu biyar ne aka jera a shafi guda, kuma ba dukansu ke son amsa iri ɗaya ba.

Mafi sauƙi shi ne harajin haya. Naira 120,000 a shekara biyu na nufin sun ɗauka kana biyan hayar 600,000 a shekara, kuma ya kamata ka cire kashi 10 cikin 100 ka kai musu. Wurin haya ne?

Mai Burodi, Jekadafari:
A'a, filin gadonmu ne, ni na gina. Kuma ma'aikatan dindindin huɗu ne, ba tara ba. Sauran masu tallan burodi ne, suna sara su sayar su ci ribarsu. A 2023 kowane cikin huɗun 30,000 nake ba shi a wata, a 2024 na ƙara zuwa 45,000.

Malam Sani Akanta:
To ka ga. Layin haya ya faɗi gaba ɗaya, amma ba zai faɗi da kansa ba. Sai ka rubuta cewa ba ka biyan haya, ka haɗa da kwafin takardar filin ko ta rabon gado.

Layin albashi shi ma ƙiyasi ne, wataƙila wani ya leƙo da safe ya ƙirga duk wanda ya gani a bakin tanda. Mai sarar burodi ba ma'aikacinka ba ne, ba ka biyansa albashi balle ka cire masa haraji. Su huɗun kuma, dokar kuɗi ta 2020 ta cire duk wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba daga harajin. A 2023 mafi ƙarancin 30,000 ne, don haka babu komai a kansu. A Yulin 2024 ya koma 70,000. Saboda haka in ka yi ƙarin zuwa 45,000 tun farkon 2024, watannin da suka gabaci Yuli akwai ɗan abin da ya kamata ka cire ka kai, kuma gara kai ka faɗa da bakinka ka lissafa shi. Ka haɗa sunayen huɗun da littafin da suke sa hannu in sun karɓi albashi.

Rajistar wurin sana'a kuwa ba ƙiyasi ba ce, kuɗi ne tsayayye. In ka biya ka liƙa rasit, in ba ka biya ba ka je banki ka biya. Ba a ɓata tawada a kansa.

Alhaji Na-Pantami:
Ka ji irinta. Yanzu ka sa shi ya tona kansa da kansa a kan albashin 2024. Da ya yi shiru wa zai sani?

Malam Sani Akanta:
Da ya yi shiru, Alhaji, 216,000 ce za ta zauna a kansa, ba harajin wata shida na mutum huɗu masu ƙaramin albashi ba. Amma damuwarka tana da wurin zama, kuma wurin shi ne babban layin, harajinsa na kansa. Nan ne nake so ya yi lissafi a ɗaki kafin ya rubuta komai.

Naira 372,000 a shekara biyu, 186,000 ke nan kowace shekara. A tsohon tsari ana cire wa mutum rangwamen 200,000 da kashi 20 cikin 100 na abin da ya samu, sannan a sa haraji hawa-hawa: kashi 7 a 300,000 na farko, 11 a 300,000 na biyu, 15 a 500,000 da ke biye, 19 a 500,000 na gaba. In ka juya lissafin baya, 186,000 harajin wanda ya ci ribar miliyan biyu ne a shekara. Wato abin da suka ƙiyasta maka ke nan.

Yanzu ka buɗe littafinka. In bayan fulawa da sukari da itace da albashi ribarka ta tsaya a miliyan 1.2, harajinka 78,000 ne, ka ga akwai abin yin ƙorafi, sai ka rubuta adadin da ka yarda da shi ka biya shi, ka haɗa da lissafin da takardar shige da ficen asusunka na banki. In kuwa ribar ta haura miliyan biyu, ƙiyasin ya yi maka sauƙi. In ka yi ƙorafi a kansa, za su ce kawo littattafai, ka fito da adadin da ya fi na farko.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni abin da ya same ni ke nan a wata jiha da nake da shago. Na ce ban yarda da komai ba daga sama har ƙasa, aka ce in kawo takardun banki. Ashe kuɗin adashen da nake riƙe wa mata da na ciniki duk asusu ɗaya suke shiga. Kafin in raba su a gane wanne ne nawa, na sha wuya. Mai Burodi, in kana haɗa kuɗin gida da na burodi a asusu guda, ka fara warware su tun yau.

Barira Lauya:
Sai dai Malam Sani, kada a fahimce ka kamar kana cewa wanda ribarsa ta fi ƙiyasi ya lafe. Wajibi ne mutum ya kai bayanin abin da ya samu kowace shekara kafin ƙarshen Maris, kuma rashin kaiwar ne ya sa aka yi masa ƙiyasi tun farko. Hukuma na da damar komawa baya shekara shida ta ƙara, in ta gano an biya ƙasa da ƙa'ida.

Malam Sani Akanta:
Ban ce ya ɓoye ba. Cewa na yi kada ya rubuta "ban yarda ba" a kan layin da ba shi da hujjar rage shi. Bayanin shekara kuwa dole ya fara kaiwa, mun haɗu a nan.

Saura tara da ruwa. Tarar kashi 10 ce ta abin da ake bin ka, ruwan ma a kansa ake lissafawa, don haka ba a yi musu doguwar muhawara. Layin haya kaɗai in ya fita, 12,000 ta fita daga tarar. Jimla ɗaya ta isa: a sake lissafa su bisa adadin da aka gyara. Roƙon a yafe su kuma takarda ce daban, bayan an daidaita asalin kuɗin, kuma alfarma ce ba haƙƙi ba.

Ɗan Kumo:
In ya rubuta suka ƙi fa? Sai su zo su garƙame masa wuri.

Barira Lauya:
In sun ƙi, za su ba shi takardar ƙin gyara ƙiyasi, daga nan yana da wasu kwana 30 ya kai ƙara kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Ta shiyyar Arewa maso Gabas a Bauchi take zama. Kama kaya kuwa sai kuɗin ya zama tabbataccen bashi, abin da shirun maƙwabcinsa ke kai mutum gare shi.

Alhaji Na-Pantami:
Ku dai 'yan boko da takarda. Ni har gobe ina nan a kan cewa zama ido da ido ne ke kashe magana, ban taɓa ganin wanda wasiƙa kaɗai ta fitar ba.

Malam Sani Akanta:
Ya je ya zauna da su mana, Alhaji, ai bayan ƙorafi su ma sukan kira zaman daidaita lissafi. Amma ya shiga da kwafi biyu, ya miƙa ɗaya a wurin karɓar wasiƙu, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗayan ya riƙe. Kuma duk abin da zai biya ya bi ta banki da lambar harajinsa, kada ya damƙa wa kowa a hannu.

Mai Burodi, Jekadafari:
Na gode ƙwarai. Na duba, takardar ba ta ambaci wata ta baya ba. Amma na tuna a 2023 na biya 40,000 aka ba ni rasit, ban ga an cire shi ba. Shi ma a cikin wannan wasiƙar zan sa?

Malam Sani Akanta:
A ciki, ƙarƙashin layin harajinka na 2023, da lambar rasit ɗin da kwafinsa. Amma ka fara karanta abin da aka rubuta a jikinsa. In na ƙaramar hukuma ne, kamar kuɗin shago ko lasisin sayar da abinci, hukumar jiha ba za ta cire maka shi ba.