Na maƙale tsakanin bincike da haɗa bayanai a babi na 2

Assalamu alaikum malamai. Ina karatun digiri na biyu a Jos kan lafiyar ƙwaƙwalwa, maudu'ina ciwon damuwa bayan haihuwa.

Na bayyana yadda na bincika PubMed da AJOL da wannan:

```
("postpartum depression" OR "postnatal depression") AND Nigeria
```

na tace, takardu 24 suka rage. Malamina ya dawo mini da babin, ya ce na jera su ne kawai, wane ya ce, wance ta ce.

Inda gizo ke saƙar: yawancinsu ma'aunin tantance ciwon damuwa na EPDS suka yi amfani da shi, amma wasu sun yanke a maki 10, wasu a 13, alƙaluman sun ƙi haɗuwa. Shin in kasa su bisa makin, ko bisa sababbai kamar talauci da rashin tallafin miji? Tantance ingancin takardun kuma, kafin haɗawar zai zo ko cikinta?

Ku taimaka don Allah.